Yarinyar riƙo a gidan Alhaji na Aboabo: abin da kotu ta sani da abin da ba ta sani ba

Yarinyar tana da shekara 2 aka kawo ta Kumasi daga Salaga. Uwarta ta rasu, kuma uwar ƙanwa ce ga Hajiya ciki ɗaya, toh bayan addu'ar arba'in sai uban yarinyar ya ɗauko ta ya miƙa wa Hajiya a gaban dangi yace Yaya ga 'yarki nan, Allah ya raya. Shikenan, ba takarda ba sa hannu, kuma babu wanda ya ga laifin hakan don haka muka taso muka gani a Zongo, ɗa na kowa ne. Hajiya da mijinta Allah bai ba su haihuwa ba, Alhaji kuwa mai lori ne yana da gida guda a unguwar Aboabo, ya riƙe yarinyar nan riƙo na Allah da Annabi. Baaba take ce masa, Mma take ce wa Hajiya, a makaranta sunansa take amsawa har a takardar jarabawar BECE. Abu ɗaya ne kawai bai canza ba, satifiket ɗin haihuwarta, wanda ke ɗauke da sunan ubanta na Salaga.

Tana shekara 16 Alhaji ya rasu, bai bar wasiyya ba, iyayensa sun riga shi, amma yana da ƙanne maza biyu da mace ɗaya. Ba zan kama sunan kowa ba, kuma kuɗin da zan ambata na daidaita su ne don lissafi ya fita da sauƙi. Kafin a yi addu'ar arba'in maganganu biyu suka taso lokaci guda. Ƙannen Alhaji suka ce a raba gado kuma yarinya ba ta ciki, uban yarinya kuma ya aiko daga Salaga cewa tunda mai gidan ya rasu a dawo masa da 'yarsa. Hajiya ta zauna tana ta maimaita magana ɗaya, shekara 14 ina riƙe da ita, wa zai ce ba 'yata bace?

Toh amsar mai ɗaci ce. A idon dokar Gana yawan shekarun riƙo shi kaɗai baya mayar da yaro ɗanka. Riƙon da muke yi tsakanin dangi doka bata hana ba, amma bata taɓa alaƙar yaro da iyayen da suka haife shi, uban nan na Salaga har gobe shine uba, haƙƙin ciyarwa da karatu yana wuyansa ko da bai taɓa aiko da ko sidi ɗaya ba, kuma idan ya mutu yarinyar tana cikin magadansa. Abin da ke sauya wannan gaba ɗaya shine umarnin kotu na ɗaukar ɗa, wanda mutane ke cewa adofshan. Yana cikin Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, wadda aka yi wa babban gyara a 2016 da doka mai lamba 937, aka kuma fitar da ƙa'idojinta a 2018. Ranar da alƙali ya sa hannu a wannan umarni, duk wani haƙƙi da nauyi na iyayen asali ya yanke, har wanda al'ada ta ba su, ya koma kan wanda ya ɗauka kamar shi ya haifa. Yaron zai gaji wanda ya ɗauke shi idan ya mutu ba wasiyya, kuma ba zai gaji iyayensa na asali ba sai dai in sun rubuta masa. Wannan na biyun mutane da yawa basu san shi ba, suna ɗauka ƙari ne kawai yaro ya samu, alhali an cire shi daga wani gida ne an sa shi a wani.

Kuma ba abu bane da za ka shiga ofis da safe ka fito da shi da rana. Ana farawa ne daga ofishin Soshal Welfe, wato ma'aikatan gwamnati masu kula da jin daɗin jama'a, su zo gidanka su duba inda yaro zai kwana da abin da kake samu da lafiyarka da ko kana da laifi a wurin 'yan sanda, su rubuta rahoto a kanka su rubuta wani a kan yaron, takardun su bi ta hukumar ɗaukar yara ta ƙasa da gyaran 2016 ya kafa a ƙarƙashin ma'aikatar jinsi da yara, sannan Babbar Kotu ta yanke. Wanda ba dangin yaro bane sai ya kai shekara 25 bai wuce 50 ba kuma ya girmi yaron da shekara 21, dangi kuwa daga 21 zuwa 65. Dole iyayen asali su yarda a rubuce bayan an fahimtar da su cewa abin na har abada ne, mai aure sai da yardar abokin zamansa, yaron da ya kai shekara 14 shima sai an ji ta bakinsa. Alhaji da Hajiya babu ko ɗaya da suka yi cikin waɗannan, kuma ni ban ga laifinsu ba, zan zo kan dalili.

Mu fara da gadon, don nan ne bambancin yake fitowa da adadi. Alhaji ya bar gidan Aboabo da aka yi wa kuɗi sidi 440,000, sai lori da kuɗin banki da suka haɗu 160,000, bayan an biya bashi da hidimar jana'iza. Wanda ya mutu a Gana ba wasiyya, in magana ta je kotu dokar gado ta 1985 ce ke aiki, wadda kowa ya sani da Dokar PNDC ta 111, kuma bata tambayar ko mamacin Musulmi ne ko Kirista. A wannan dokar idan gida ɗaya ne mamaci ya bari, gidan da kayan ɗaki na matarsa ne da 'ya'yansa, sauran dukiyar ne ake kasawa.

In an ce Alhaji ba shi da ɗa, Hajiya ta ɗauki gidan ita kaɗai, sannan a 160,000 ɗin nan tana da rabi wato 80,000, ɗaya rabin kuma tunda babu uwa babu uba ya tafi ga dangi bisa al'adar mamaci. Yarinya ko kwabo.

In kuwa da akwai takardar adofshan, gidan ya zama na Hajiya da yarinya su biyu tare, a sauran kuɗin Hajiya ta samu kashi 3 cikin 16 wato 30,000, yarinya kashi 9 cikin 16 wato 90,000, dangi kuma rubu'i wato 40,000. Ku duba da kyau, takarda ɗaya ta rage wa dangi rabin abin da za su samu, ta kuma rage wa ita Hajiyar kanta 50,000 da rabin gida. Shi yasa idan irin wannan magana ta taso kowa ke tsayawa a kan bakansa, ba ƙaramin abu bane ake magana a kai.

Akwai wata ƙofa da lauyan da suka je wurinsa a Adum ya nuna wa Hajiya, kuma ya kamata a san da ita. Ita wannan dokar ta 111 da ta zo faɗin waye ɗa, bata tsaya a wanda aka haifa da wanda kotu ta bayar ba, ta haɗa da wanda aka ɗauka bisa al'ada, da kuma wanda shi mamacin ya amince da shi a matsayin ɗansa. Toh kun ga yarinya tana da abin faɗa, ga sunan Alhaji a makaranta, ga unguwa gaba ɗaya ta shaida. Amma wannan ba takarda bace da za ka ajiye a tebur a wuce wurin, ƙara ce da sai an kawo shaidu an yi ta zuwa kotu, kuma ɗaya ɓangaren suma suna da nasu. Ɗaukar ɗa ta al'ada da kotunan Gana suka sani tana buƙatar iyayen yaro su yarda sun bayar har abada, shi kuma mai ɗauka ya faɗa a gaban shaidu cewa ya mayar da yaron ɗansa. Me aka faɗa ranar a Salaga? Ga 'yarki nan, Allah ya raya. Duk Bahaushe ya san wannan maganar riƙo ce, babu wanda ya ji ta a matsayin an cire yarinya daga zuri'ar ubanta, kuma ƙannen Alhaji sun shirya kawo malamin masallacinsu ya shaida cewa Alhaji mutum ne mai addini wanda ba zai taɓa nufin hakan ba. Lauyan yace Hajiya, ana iya ci ana iya faɗuwa, amma ko an ci zumuncin ya tafi.

Nan ne dalilin da yasa nace ban ga laifinsu ba. Musulunci bai yarda a jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, ayar tana cikin Suratul Ahzab a kan Zaidu ɗan Harisa, aka ce ku kira su da sunan ubanninsu. Riƙon maraya lada ne babba, amma baya kawo gado kuma baya kawo muharramaka, sai dai in an shayar da yaron cikin shekarunsa biyu na farko, kuma ko shayarwar aure kawai take haramtawa, bata sa a yi gado. Saboda haka Alhaji da zai je Babbar Kotu a yanke yarinya daga ubanta da ransa, da malamai ne za su fara tare shi a hanya. A rabon addini kuwa lissafin wani ne daban, ana haɗa komai har gidan, 600,000 kenan, matar da mijinta bai bar ɗa ba tana da rubu'i wato 150,000, sauran 450,000 na ƙannen ne namiji rabon mata biyu. Yarinya nan ma babu.

Abin da ke ci min rai a wannan lamarin shine akwai hanyar da addini ya buɗe kuma dokar ƙasa ta yarda da ita, Alhaji bai bi ba don yana ganin akwai lokaci. Mutum yana da ikon yin wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wanda ba magajinsa ba, kuma 'yar riƙo ita ce ainihin wadda wannan ƙofar ta dace da ita. Da ya rubuta mata sulusi, 200,000 kenan, sai a raba 400,000 da suka rage, Hajiya 100,000, ƙanne 300,000, babu malamin da zai ce an ci haram. Dokar Wasiyya ta 1971, mai lamba 360, abin da take nema ba shi da yawa, a rubuta, mai wasiyya ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu suna wurin a lokaci guda su ma su sa hannu. Kar a sa wanda aka yi wa wasiyyar cikin shaidu biyun don rabonsa na iya lalacewa, kuma in mai wasiyyar baya karatun boko sai a rubuta a jikin takardar cewa an karanta masa an fassara masa ya gane kafin ya dangwala. A cikin wasiyyar ne kuma zai iya cewa sauran a raba bisa Musulunci, wanda hakan ke fitar da dukiyar daga lissafin Dokar 111. Ko kuma ya ba ta kyauta da ransa, amma kyauta sai an karɓa a hannu tun mai bayarwa yana da lafiya, in gida ne ko fili a rubuta a kai hukumar filaye. Maganar da Alhaji ya sha yi a tsakar gida cewa shagon gaba na yarinyar nan ne, kowa ya ji ta, amma har ya rasu shi ke karɓar hayar shagon, toh ƙannensa suka ce alkawari ne ba kyauta ba, kuma a fiƙihu suna da hujja.

Sai maganar uba. Wannan ta fi ba Hajiya tsoro fiye da kuɗin, don dare ɗaya ta ji ana cewa zai zo da mota ya ɗauke ta. Gaskiya ne mai riƙo ba tare da takarda ba matsayinsa yana da rauni, amma ba wai ba shi da komai bane. Dokar Yara ta ce uwa ko uba ko dangi ko duk wanda ke rainon yaro yana iya zuwa kotun iyali ya nemi a ba shi riƙon yaron a hukumance. Kotun iyali tana ƙarƙashin kotun gunduma ne, alƙali na zama da wasu mutane ciki har da jami'in Soshal Welfe, ba a buɗe ake yi ba kamar sauran shari'u, kuma abin da take dubawa shine me ya fi wa yaron alheri, ba wa ya fi iko da shi ba. Tana duba shekarunsa, tana jin ra'ayinsa in ya faɗa da kansa ba a tsara masa ba, tana kuma duba kar a katse masa reno da karatun da ya saba. Yarinya mai shekara 16 da ke tsakiyar sakandare a Kumasi, wadda bata taɓa kwana wata guda a Salaga ba, ba sai an yi dogon bayani ba. Hajiya ta kai takardun biyan kuɗin makaranta da ta tara a cikin wani tsohon gwangwanin biskit, da katin asibiti, da katin inshorar lafiya da ita ke sabuntawa duk shekara, jami'ar ta zo gida ta ga ɗakin yarinya ta zauna da ita su biyu.

Abin lura shine wannan umarnin riƙo baya cire uba daga zama uba. Yana da ikon ziyara, ana iya ɗora masa kuɗin ciyarwa, yarinya tana nan da sunansa da gadonsa, kuma umarnin yana ƙarewa ne in ta cika 18. Shi yasa ya fi dacewa da mu, don shine ya fi kusa da riƙon da addini ya sani, sai dai yanzu da hatimin kotu wanda makaranta da asibiti za su gani su yarda. Wani ya ba Hajiya shawara ta yi adofshan ɗin yanzu tunda ita dangi ce kuma bata kai 65 ba. Zai yiwu in uban ya yarda, ko in kotu ta ga dalilin tsallake yardarsa kamar a ce ya yi watsi da yarinya, amma me zai ƙara? Alhaji ya riga ya rasu, takardar yau bata komawa baya ta sa ta gaje shi, kuma zata raba ta da gadon ubanta na Salaga wanda ke da gonar doya da shanu.

Akwai kuma riƙo na hukuma, wanda Soshal Welfe ke tantance mutum su koyar da shi su ba shi yaron da ba shi da mai kula na wani lokaci suna bibiya. Wannan ma baya yanke alaƙa da iyaye kuma baya kawo gado, na ambata ne kawai don kar a haɗa shi da namu na dangi.

Abu ɗaya da Allah ya taimaki gidan nan shine basu taɓa satifiket ɗin haihuwa ba. Da yawa a Zongo in za a yi wa yaron riƙo fasfo ko Gana Kad, wato katin ɗan ƙasa, sai kawai a je a yi sabon satifiket da sunan mai riƙo a matsayin uba, ana ganin an huta. Wannan ba adofshan bane, ba da bayanin ƙarya ne ga hukumar rajistar haihuwa kuma laifi ne, sannan ranar da aka fi buƙatarsa ranar yake tonuwa, a wurin rabon gado inda dangi suka san gaskiya, ko a ofishin biza inda ake iya neman gwajin jini. Anti da ke Jamus ko Amurka da take son ɗaukar ɗan 'yar uwarta ma hanya ɗaya ce, ta hukumar nan ta ƙasa da kotu, musamman tunda yarjejeniyar Heg ta 1993 kan ɗaukar yara tsakanin ƙasashe ta fara aiki a Gana a farkon 2017.

Ƙarshenta uban bai ja ba. Da ya zo ya ji cewa ba raba shi da 'yarsa za a yi ba, kuma shi ne waliyyinta ranar aure, sai yace Yaya ni dama tsoro nake kar ta wulaƙanta bayan Alhaji, aka rubuta yarjejeniya kotun iyali ta amince, yarinya na hannun Hajiya, hutun ƙarshen shekara tana Salaga. Gadon kuwa an zauna a zauren liman. Ƙannen sun gane in aka je kotu gidan gaba ɗaya na Hajiya ne, ita kuma tace ba zata ci abin da Allah bai ba ta ba, aka raba bisa addini, rubu'inta aka cire mata a ɗakunan da take ciki. Liman ya karanta musu ayar Suratun Nisa'i da ta ce in dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo a ba su wani abu, babban ƙanen yace shagon gaba da Yaya ya sha faɗa mun bar mata. Wannan karon lauya ya rubuta, su ukun suka sa hannu, Hajiya ke riƙe mata har ta cika 18, hayar tana shiga asusun da aka buɗe da sunanta. Shagon bai kai rabin sulusin da wasiyya zata ba ta ba, kuma ya zo ne daga kirkin mutane uku waɗanda da sun ƙi sai dai a tafi doguwar shari'a. A satin ne Hajiya ta rubuta tata wasiyyar, sulusin abin da ta mallaka ga yarinyar, don ita ma tana da 'yan uwa maza a raye kuma 'yar ƙanwa bata gado tare da su.